Ranar da Ruwan Famfo Ya Yi Ribas

Duk wanda ke zaune a garin da ake ɗauke ruwa a kawo ya san wannan ƙara. Ka murɗa kan famfo, maimakon ruwa ya zubo sai ka ji yana shaƙar iska, in ka ɗora tafin hannunka a bakinsa ka ji yana ɗan jan fatar. Yawancinmu tsaki kawai muke yi mu ce an ɗauke ruwa. Mai gyaran famfo da ya san aikinsa wani abu daban yake ji: bututun ya daina turawa, ya koma zuƙa. Da a lokacin akwai tiyo a bakin famfon, ɗaya bakin nasa kuma yana nutse cikin bahon wanki ko bokitin maganin ƙwari, abin da ke ciki ne zai bi bututun ya wuce. Idan aka dawo da ruwa, a raba shi ga duk wanda ke kan layin.

A gidan mutum ɗaya ɓarnar takan tsaya kan baho ɗaya. A otal, ko asibiti, ko babban kanti, ko wurin wankin mota, bututun ruwan sha yana haɗe da abubuwa da dama waɗanda ba a sha: tukunyar dumama ruwa, injin wanki, wurin ninƙaya, bututun kashe gobara, banɗakuna masu yawa. Kowace mahaɗa ƙofa ce. Shi ya sa aka ƙera na'urori iri-iri na hana ruwa komawa baya, kuma ba a yi su don su maye gurbin juna ba. Kowacce da irin haɗarin da take tarewa, da kuma wanda ba ta iya wa komai.

Masana aikin sun koyi wannan darasi da tsada. A 1933, lokacin babban bajekolin duniya na birnin Chicago a Amurka, cutar atini ta ɓarke daga wasu otal-otal guda biyu. Sama da mutum 1,000 suka kamu, gommai suka mutu, kuma da yake baƙi ne daga garuruwa daban-daban, sai da suka koma gida ciwon ya bayyana. Bincike ya gano cewa ruwan najasa ne ya sami hanya zuwa ruwan sha ta gurɓataccen haɗin bututu a cikin ginin.

Hanya biyu ruwa ke bi ya koma

Ta farko ita ce zuƙa. Ka ga yadda ɗan bumburutu ke zuƙo fetur daga tankin mota da tiyo: da zarar ya ja sau ɗaya ya sauke bakin tiyon ƙasa, man zai ci gaba da bi da kansa. Haka babban bututun titi yake yi idan ya fashe, ko aka kashe injinan hukumar ruwa, ko motocin kashe gobara suka ja ruwa da yawa a lokaci guda. Ruwan da ke cikinsa yana gangarawa ƙasa, ya bar gurbi a bayansa, gurbin kuma ya ja duk abin da ya samu. A 1969 wannan ya faru da ƙungiyar ƙwallo ta kwalejin Holy Cross da ke Worcester a Amurka. Gobara ta tashi a gari, ƙarfin ruwa ya faɗi, famfunan filin atisaye da ke cikin ramuka suka zuƙe ƙazamin ruwan da ya taru a kansu. 'Yan wasa suka sha, kusan dukkansu suka kamu da ciwon shawara mai yaɗuwa, aka soke sauran wasanninsu na shekarar.

Ta biyu ita ce turi. A nan ba sai an ɗauke ruwa ba. Ya isa kawai ƙarfin ruwan cikin gini ya fi na titi. Injin tura ruwa yana jawo haka, tukunyar dumama ruwa ma haka, tsayi kaɗai ma yana jawowa. Ga ma'aunin da za mu riƙe: kowane mita 10 na tsayin ruwa yana ba da matsi kimanin abin da agogon awo ke nunawa da 1 bar. A wannan rubutu da mita za mu riƙa lissafi, don ya fi sauƙin gani da ido.

Bayan an san ta wace hanya ruwan zai koma, sai a tambayi me zai komo. Dokar kayan famfo ta Ingila ta 1999 ta kasa ruwa gida biyar. Na ɗaya shi ne tsabtataccen ruwan sha. Na biyu wanda ɗanɗanonsa ko zafinsa kawai ya sauya. Na uku mai ɗan lahani kaɗan. Na huɗu mai guba, irin su maganin ƙwari da sinadaran masana'anta. Na biyar mai ƙwayoyin cuta: najasa, jinin mahauta, ruwan ɗakin gwaje-gwaje na asibiti. Amurkawa kashi biyu suka yi, mai ɓata ruwa da mai cutar da mutum. Ko da wane aka bi, zaɓen na'ura yana rataye ne a kan waɗannan tambayoyi biyu: me zai komo, kuma zuƙa ce za ta kawo shi ko turi.

Mu zagaya otal guda

Mu ƙaddara wani otal mai hawa huɗu, irin wanda ake gani a Kano ko Kaduna ko Maradi. Yana karɓar ruwan hukuma ta bututu mai faɗin milimita 25, ruwan ya zuba a tankin ƙasa, inji ya ɗaga shi zuwa tankin saman rufi da ke mita 15 daga ƙasa. Akwai kuma rijiyar burtsatse don ranar da babu ruwa.

A tankin ƙasa ne ake samun kariyar da ta fi kowacce ƙarfi, kuma ba ta da sifirin ko roba da za ta lalace. Tazarar iska ce. Ana tsayar da bakin bututun da ke kawo ruwa a sama, ruwan ya faɗo ta cikin iska, yadda ko tankin ya cika ya tumbatsa ba zai taɓa bakin bututun ba. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce tazarar ta kai ninki biyu na faɗin bututun, kuma kada ta gaza milimita 25. A otal ɗinmu ke nan milimita 50. Daga ina ake aunawa? Daga inda ruwan zai tsaya a rana mafi muni, wato ranar da ƙwallon da ke rufe ruwa ya maƙale. Saboda haka mafitar ambaliyar tankin dole ta kasance ƙasa da bakin shiga, kuma ta fi shi faɗi sosai, don ta iya fitar da duk abin da ke shigowa.

Tazarar iska tana tare zuƙa, tana tare turi, kuma inda ake tsoron turi, ita kaɗai dokar Ingila ta amince da ita ga ruwa kashi na biyar. Aibinta biyu. Ƙarfin ruwan hukuma yana mutuwa a wurin, sai an sake sa inji. Wannan bai cika damunmu ba tunda dama da tanki da inji muke aiki. Na biyun ya fi: abu ne mai sauƙin rusawa. Wani ya ga ruwa na fantsama ko ƙararsa ta dame shi, sai ya ɗaura guntun tiyo a bakin bututun ya zura cikin tanki, shi ke nan kariya ta tafi. Sannan da yawa daga tankunanmu na siminti a binne suke, bututun yana shiga ta gefe a ƙarƙashin ƙasa. Idan damina ta yi ƙarfi ruwan kwata ya malale harabar, bakin bututun yana cikin ruwa tsundum. Gyaransa shi ne a ɗago bututun sama da doron ƙasa kafin ya sunkuya ya zuba.

Yanzu ga kuskuren da ya fi yawa. Mai otal ya ce wa mai gyaran famfo yana so in ruwan hukuma ya zo da ƙarfi ya shiga ɗakuna kai tsaye, a huta da kuɗin dizal. Sai a ja ɗan gajeren bututu a haɗa layin hukuma da layin da ke saukowa daga tankin sama, a sa makunni a tsakani. Mu yi lissafi. Tankin sama yana danna ruwa da ƙarfin mita 15. In ƙarfin ruwan titi ya sauka zuwa mita 10, abin da kan faru kullum da safe lokacin da kowa ke ɗiba, akwai rarar mita 5 da ke tura ruwan otal zuwa titi muddin makunnin a buɗe yake ko yana yoyo. In aka ɗauke ruwan gaba ɗaya, tankin zai juye cikin layin unguwa. Ruwan burtsatsen da ba wanda ya gwada, wanda wataƙila ramin masai na kusa da shi, ya zama ruwan shan maƙwabta. Alamar da mai otal zai gani ita ce tankinsa na ƙarewa da dare alhali baƙi na barci. A ganina babu na'urar da ta dace da wannan wuri. A yanke haɗin, kowane ruwa ya zo da bututunsa ya zuba a tanki ta cikin iska.

Masu karya zuƙa

Kariyar bakin shiga tana tsare unguwa daga otal, amma ba ta tsare baƙon hawa na biyu daga ɗakin wanki. Cikin ginin ma ana samun zuƙa. A rufe makunnin ƙarƙashin tankin sama don gyara, wani a kicin ya buɗe famfo: ruwan da ke tsaye cikin bututu zai sauko, ya ja duk abin da ke haɗe da famfunan sama. A banɗakunan otal ɗinmu akwai tiyon tsarki a gefen kowane masai, kuma sau da yawa baƙo kan bar kansa a ƙasa ko cikin bokiti. Dokar Ingila tana lissafa irin wannan tiyo a kashi na biyar, tana neman a ba shi ruwa daga wani ƙaramin tanki nasa mai tazarar iska.

Ga wuraren da zuƙa kaɗai ake tsoro, akwai ƙananan na'urori da aikinsu shi ne su buɗe wa iska ƙofa. Da zarar matsi ya faɗi, wani ɗan faifai a ciki ya sauka, iska ta shiga, jan ya karye. Mafi arha ita ce wadda ake murɗawa a bakin famfon da ake sa wa tiyo, kamar na lambu da na wankin mota da na goge-goge. Babbar yayarta, wadda ake rubuta wa AVB, ana sa ta a kan layin injin wanke kwanuka ko bawul ɗin kora masai. Tana da sharuɗɗa masu tsauri: ta zauna aƙalla santimita 15 sama da mafi tsayin wurin da ruwan ke fita, kada a sa wani makunni a gabanta, kuma kada ta wuce awa 12 a jere tana ƙarƙashin matsi. Dalilin na ƙarshen shi ne faifan ba shi da sifirin, nauyinsa kawai ke saukar da shi. In ya daɗe a manne sai ya liƙe, ranar da ake buƙatarsa ya ƙi sauka.

Wadda ake rubuta wa PVB ta magance wannan da sifirin, don haka tana iya zama cikin matsi dare da rana, kuma tana da ƙananan kafofin gwaji. Ita ake sa wa layin ban-ruwan fulawoyi, inda kawunan feshi ke kwance cikin ƙasa mai taki da maganin ciyawa, a ɗaga ta santimita 30 sama da mafi tsayin kan feshi. Abin da ya kamata a riƙe game da dangin nan gaba ɗaya shi ne ba su san turi ba. In akwai inji a gabansu da ke iya danno ruwa baya, ƙofar iskar ba ta da amfani, don ba gurbi ba ne matsalar.

Bawul biyu, da bawul biyu mai ƙofar zubarwa

Inda ake tsoron turi, bawul mai hanya ɗaya ake nema, wanda ke buɗewa in ruwa na gaba ya rufe in ya juyo. Guda ɗaya ba abin dogaro ba ne. Ƙwayar yashi ɗaya a kan robarsa ta isa ta hana shi rufewa, kuma ba wanda zai sani. Sai aka jera biyu cikin jiki ɗaya, da makunni a kowane gefe da kafofin gwaji huɗu. Wannan tagwayen bawul yana tare zuƙa da turi duka, amma an yarda da shi ne kawai inda abin da zai komo ba zai kwantar da mutum ba. Misalinsa layin kashe gobara na otal ɗinmu: ruwan ya shekara kwance cikin baƙin ƙarfe, ya yi tsatsa ya yi wari, amma ba a zuba masa komai ba. Ranar da aka ƙara wa layin sinadarin kumfa, tagwayen bawul ya tashi daga aiki. Dalili kuwa shi ne yashin da ya hana na farko rufewa yana iya hana na biyu, su lalace tare shiru, ba ɗigo ba ƙara.

Wannan shirun ne na'urar da ake kira RPZ ta zo ta kawar. Ita ma bawul biyu ce, sai dai tsakaninsu akwai ɗan ɗaki mai ƙofar zubarwa a ƙasa. Sifirin ɗin bawul na farko yana da tauri, don haka ruwan da ya wuce shi yana rasa ƙarfi, matsin ɗakin tsakiya ya zama ƙasa da na shigowa a koyaushe. Wannan bambanci ne ke riƙe ƙofar zubarwa a rufe. Mu sa lamba. Ruwa ya shigo da ƙarfin mita 30, bawul na farko ya ci mita 5, ɗakin tsakiya yana kan 25. Sai injin da ke gaba ya danno ruwa baya da ƙarfin mita 40, kuma aka yi rashin sa'a bawul na biyu yana yoyo. Matsin ɗakin zai fara hawa: 26, 27, 28. Kafin tazarar da ke tsakaninsa da 30 ta gaza kimanin mita ɗaya da rabi, wato 0.14 bar, ƙofar ta buɗe ta zubar da ruwan ƙasa. Gurɓataccen ruwan ba zai taɓa tara ƙarfin da zai haura bawul na farko ba. In kuma ruwan shigowa ne ya ɗauke, ƙofar ta buɗe gaba ɗaya, ɗakin ya zama fanko.

A otal ɗinmu wurinta shi ne layin da ke ciyar da babbar tukunyar dumama ruwa ko injin sanyaya gini da ake zuba wa maganin tsatsa, da injinan wanki masu jan sinadari da kansu. Amurkawa suna yarda da ita ga kusan duk babban haɗari ban da haɗi da najasa kai tsaye. Ingila ta tsayar da ita a kashi na huɗu.

Ba na ba kowa shawarar ya saye ta ido rufe. Tana cin ƙarfin ruwa da ya kai mita 7 zuwa 10, don haka in aka ɗora ta a layin titi mai rauni, ruwan ma ba zai wuce ba. A inda ake yawan ɗaukewa, duk ɗaukewa sai ta tofar. Ta fi dacewa a bayan injin gini, inda matsi ke tsaye. Tana bukatar rariyar tace yashi a gabanta, da magudana mai faɗi a ƙarƙashinta, don in ta buɗe sosai tana iya cika ɗaki. Ba a sa ta cikin rami, ana ɗaga ta aƙalla santimita 30 daga daɓe, domin in ƙofar zubarwar ta nutse, ita kanta ta zama hanyar shigar ƙazanta.

Idan ta fara ɗiga, magana take yi, kuma ana iya fahimtarta ba tare da an kwance komai ba. Tofi jefi-jefi yana nufin ƙarfin ruwan shigowa ne ke hawa da sauka. In ɗigon ba ya tsayawa, a rufe makunnin da ke gabanta. Ya tsaya? To bawul na biyu ne ke yoyo, kuma akwai turi daga gaba. Bai tsaya ba? A buɗe kafar gwaji ta ƙarshe ruwa ya gudana. In gudun ya tsayar da ɗigon, datti ne a bawul na farko, wanda shi ne ya fi faruwa. In ya ci gaba duk da haka, ƙofar zubarwar ce da kanta ta maƙale. Abin da bai kamata a yi ba shi ne abin da gaggawa ke sa a yi: a toshe ƙofar da murfi don daɓe ya bushe. Wanda ya yi haka ya mayar da na'ura mai tsada tagwayen bawul, a wurin da aka riga aka san tagwayen bawul bai isa ba.

Akwai wata ƙarama da ake mantawa da ita a gidajen abinci masu injin zuba lemo. Injin yana haɗa ruwa da iskar gas mai matsi. In iskar ta koma cikin bututun jan ƙarfe, ruwan yana zama mai tsami ya narkar da ƙarfen, wanda ya sha ya kama amai cikin ɗan lokaci. Ana sa wa layin ɗan bawul biyu mai kafar fitar da iska, na ƙarfen da ba ya tsatsa, kuma daga shi zuwa injin ba a sa jan ƙarfe ko kaɗan.

Duk na'urar da ke da kafofin gwaji an yi ta ne don a gwada ta. A Amurka yawancin hukumomin ruwa suna neman a gwada ta ranar da aka ɗora, da bayan kowane gyara, sannan sau ɗaya a shekara, Ingila ma haka take nema ga RPZ. Mai gwajin yana haɗa agogon da ke auna bambancin matsi, ya ga ko kowane bawul yana riƙe matsin da ya kamata, ya kuma rubuta lambar da ƙofar zubarwa ta buɗe a kai. Kafin mai gini ya biya kuɗin irin wannan na'ura, ya fara tambaya ko akwai mai wannan agogo a garinsa, da kuma inda za a sami robobin canji. In babu, gara ya sa ƙaramin tanki mai tazarar iska da ɗan injinsa a gaban injin wankin ko tukunyar, wanda kowane ma'aikaci zai iya ɗaga murfi ya duba da idonsa.